Me zan rubuta a ƙarƙashin hoton abincin da nake sayarwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu kenan da na fara girkin sayarwa daga gida a Tarauni, abincin rana kawai, ina karɓar oda kullum ban da Lahadi. Abin da nake sawa a sitatus ɗina na WhatsApp shi ne "Abinci mai daɗi da tsafta, ku garzayo, sai kun zo." Mutum ya fi tamanin suna gani, amma oda ba ta wuce biyar ko shida, sauran kuma sai "nawa ne?" su yi shiru. Don Allah a taimaka min da gajeren rubutu mai jan hankali.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a nema. Ki gwada wannan: "Ɗanɗano na musamman daga hannun ƙwararriya, ci ɗaya sai ka dawo!" Ki jera alamar wuta da ta zuciya, ki sa #abinci #Kano a ƙarshe don ya yaɗu.

Hajiya Mai Sinasir: Maman 'Yan Biyu, wannan alamar # ɗin a Instagram take aiki. A sitatus babu mai binciko ki da ita, domin ba ya isa ga kowa sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki.

Ƙanwata mai tambaya, shekarata shida ina wannan sana'a, kuma ni ma da irin rubutunki na fara. Matsalarsa ba rashin zaƙin baki ba ce. Ki ɗauki kanki a matsayin ma'aikaciyar da ke zaune a ofis da yunwa tana latsa sitatus ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya. Hotonki daƙiƙu kaɗan zai yi a gabanta ya wuce. Ta ga shinkafa, ta karanta "mai daɗi da tsafta", to wace mai abinci ce za ta ce nata ba daɗi? Ba ta san ko na yau ba ne ko hoton makon jiya ne, ba ta san kuɗinsa ba, ba ta san ko kina kaiwa unguwarsu ba. Kafin ta samu amsar waɗannan sai ta yi miki saƙo uku, ke kuma hannunki na cikin jajjage, ba za ki duba waya ba sai bayan minti arba'in. Kafin nan ta aika an sayo mata gurasa.

Don haka rubutun ya amsa tambayoyin tun kafin a yi su, ta yadda saƙon farko da zai shigo miki oda ce, ba tambaya ba. Tunda ban san jadawalinki ba, bari in ɗauka gobe Talata dambu za ki yi, kuma farashin misali ne kawai:

"GOBE TALATA: dambun shinkafa da zogale da soyayyar kaza, roba ₦2,500. Ana rufe oda ƙarfe 10 na safe, abinci zai iso kafin 1:30. Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi, Zoo Road. Amsa wannan sitatus da adadin robar da kake so."

Ki lura da abin da na fara da shi: rana da sunan abinci. Idan rubutun ƙarƙashin hoto ya yi tsawo WhatsApp yana yanke shi, sai mutum ya latsa kafin ya ga sauran, kuma yawancin mutane ba sa latsawa. Idan kika cinye layin farko da sallama da "barkanmu da warhaka masoya", farashi da lokaci sun faɗa inda ba a gani. Sallamar ki yi ta a cikin hira idan mutum ya yi miki magana.

A cikin rubutun nan duka, abin da ya fi canja min kasuwa shi ne lokacin rufe oda. Da ban sa shi ba, mutane sai ƙarfe ɗaya saura suke tunawa da ni, lokacin tukunya ta riga ta sauka. Ranar da na dafa da yawa ya kwana, ranar da na rage in ba mutum goma haƙuri. Da na fara rubuta "ana rufewa ƙarfe 10", sai lissafi ya dawo hannuna. A girkina kwano ɗaya na ɓarzajjiyar shinkafa yana ba ni kamar roba goma sha biyu, don haka idan goma ta yi ina da oda goma sha takwas, na san kwano ɗaya da rabi zan turara, na san yankan kaza nawa zan soya, in ƙara roba biyu saboda maƙwabta. Ki auna naki kwanon da taki robar sau ɗaya ki rubuta, don robobi ba girmansu ɗaya ba. Amma fa sai kin tsaya a kan maganarki. Ranar da kika karɓi odar ƙarfe sha biyu don kunya, kin koya wa mutane cewa goman wasa ce.

Sannan lokacin ɗorawa. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, to ki ɗora na gobe bayan sallar isha'i, lokacin da mutane suka kishingiɗa da waya. Da safe wajen takwas ki ƙara layi ɗaya tak: "Saura awa biyu a rufe odar dambun yau." Shi ya sa nake rubuta sunan ranar, ba "gobe" kaɗai ba, domin wanda ya buɗe na daren jiya da safe zai ɗauka goben ba ta zo ba.

Ɗan'uwanku daga Kwari: A yi haƙuri na shigo zancen mata, amma ni mai saye ne, kullum a shago muke cin abincin rana. Hajiya ta faɗi gaskiya a kan unguwanni. Akwai wadda na daɗe ina ganin hoton tuwonta da miyar taushe ina haɗiyar yawu, ranar da na yi magana ashe a ƙarshen gari take, kuɗin kawowa ya kusa kai kuɗin abincin. Ku riƙa faɗa ko kuɗin ɗan aike yana ciki ko daban ne. Kuma don Allah hoton abincinku na gaskiya, a cikin robar da za a kawo shi. Wasu sai su sa faranti mai cinya biyu, a kawo maka fiffike.

Uwargida daga Hotoro: Ni kam ban yarda da sa farashi a fili ba. Na taɓa yi, cikin sati ɗaya wata a layinmu ta fara irin abincina ta rage ɗari biyu. Ga dangin miji suna gani suna lissafa miki riba, gobe a zo rance. Ni "a tuntuɓe ni" nake sawa, mai so da gaske zai tambaya.

Hajiya Mai Sinasir: Uwargida, wadda ke son sanin farashinki za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki, minti biyu ta sani. Wanda kike ɓoye wa a gaskiya shi ne mai sayen da ke jin nauyin ya tambaya sannan ya kasa saye. Ki duba abin da mai tambaya ta ce, ana cewa "nawa ne?" a yi shiru, wato ita take ɓata lokacinta wajen amsawa. Maganar dangi kuwa tana da magani: a saitin sirrin sitatus ki zaɓi "My contacts except..." ki cire waɗanda ba ki so su gani.

Uwargida daga Hotoro: Na ji na cirewa, zan duba. Amma kayan miya yau da gobe ba farashi ɗaya ba, tattasai kaɗai ya isa ya rikita miki lissafi idan damina ta yi nisa. Idan mutane suka saba ganin lamba ɗaya kullum, ranar da kika ƙara sai surutu. Ni dai ina nan a kan bakana.

Anti Mai Zoɓo: Ni abin da ya dame ni daban ne, tunda ana maganar oda. Ranar Alhamis wata ta ce in haɗa mata roba takwas na ofishinsu da zoɓo takwas, na haɗa, yaro ya kai har ƙofa, waya a kashe. Da yamma ta ce wai taro ne ya riƙe su. Ƙarshe almajirai suka ci rabi. Tun ranar na ƙara layi a rubutuna: "Oda ba ta tabbata sai an tura kuɗi." Kuma ina buɗe asusuna in gani da idona, ba na yarda da hoton rasit.

Hajiya Mai Sinasir: Allah ya mayar da alheri, Anti. Layin yana da kyau, sai dai ni ba na sa shi a ƙarƙashin hoto, yana ƙara tsawo kuma yana ɗan yi wa sabon mutum kaifi. A amsar farko nake sa shi tare da lambar asusu. Idan kuna amfani da WhatsApp Business akwai "Quick replies", ki rubuta saƙon sau ɗaya ki ajiye, duk wanda ya yi oda ki latsa / ki zaɓo shi.

Wani abu da na manta, ƙanwata. "Amsa wannan sitatus" yana aiki ne a naki kawai. Idan ƙawarki ta ɗauka ta ɗora a nata don ta taya ki talla, amsar wurinta za ta je. Ki ba masu taya ki wani rubutun daban mai ɗauke da mahaɗin da zai kai mutum kai tsaye wurinki:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Ki sa lambarki bayan 234, ki cire sifilin farko, ba alamar + ba tazara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na haɗa na jibi, a duba min: "LARABA: shinkafa da wake da mai da yaji, da soyayyen kifi da salak, roba ₦2,000, kuɗin kaiwa daban. Ana rufe oda 10 na safe, saura roba 5 kacal!" Na ga wasu suna sa "saura kaɗan" don mutane su yi sauri.

Hajiya Mai Sinasir: Ya yi, amma ki cire "saura roba 5". Ba ki ma ɗora tukunya ba, ina aka samu saura? Masu ganin sitatus ɗinki mutanen da suka san ki ne, idan suka ga biyar ɗin nan kullum ba ta ƙarewa za su daina yarda da goman ma. In tukunyarki roba ashirin take ɗauka, rubuta "roba 20 kawai nake yi", da safe kuma ki faɗi ainihin abin da ya rage. Kuma kin manta unguwanni da lokacin isowa, ki sa su a gurbin da kika cire.

Ɗan'uwanku daga Kwari: In Kwari ta shiga cikin unguwannin, a rubuta min roba uku na Laraba. Yajin a ƙulla shi daban.