Me za mu kira "minimaks" a wasan Mastermind?

Malamin lissafi, Tudun Wada Gombe: Jama'a, ku taimake ni da kalma. Ina koya wa ɗalibaina wannan wasa: mutum ya ɓoye 'ya'ya 4 cikin launi 6, launi na iya maimaituwa, jeri 1296 ke nan. In ka canka, mai ɓoyewa zai amsa maka da baƙi ko fari: baƙin ɗa na nufin launi da gurbi sun yi daidai, fari kuma launin na ciki amma gurbin ba nasa ba ne. Dabarar minimaks ita ce ka duba kowane canke, ka ƙirga jerin da zai rage in amsa mafi muni ta zo, ka ɗauki wanda ragowarsa ta fi ƙanƙanta. Jiya na ce "tankaɗe", raina bai kwanta ba.

Wata uwa, Bolari: Malam, ai canki-canka ne, mun yi shi muna yara.

Malamin: Hajiya, wannan sunan wasan ne, kuma na karɓa. Dabarar nake nema wa suna.

Ɗalibin jami'a, Pantami: Tankaɗe da rairaya ya yi mana, Malam. Ni da launi huɗu daban-daban nake farawa. Ran nan ƙanwata ta ce ba baƙi ba fari, launi 2 suka rage, jeri 16 kacal. Wane tankaɗe ya fi wannan?

Mai rubuta manhaja, Jekadafari: Ƙanena, sa'a ka taka. Da farare biyu ta ba ka, 312 ne a gabanka. Ja huɗu ya fi muni: in ba ja a ciki, launi 5 a gurbi 4, wato 625. Amma ja, ja, kore, kore, in aka ce ba ko ɗaya, launi 4 a gurbi 4 ne, 256, kuma babu amsar da za ta bar maka fiye da haka. Da shi masanin kwamfuta Donald Knuth ya buɗe, ya nuna canke 5 sun isa kowane jeri. Abin da ya hana ni yarda da tankaɗe shi ne kowane canke yana tankaɗewa, har na banza. Kalmar ba ta nuna cewa da muguwar amsa ake auna shi ba. Ni "dama-dama" na zaɓa, kamar yadda ake cewa duk ba daɗi amma wannan da dama-dama.

Ɗalibin: Yaya, dama-dama kamar haƙuri da abin da aka samu ne. Nan kuwa ƙirge ake yi.

Malamin: Gaskiyarka, shi ya sa nake tunanin "canken rage asara". Ya ɗan yi tsawo a baki. Gobe zan rubuta 256, 312 da 625 a allo, in ba yaran sunayen biyu, wannan da "dama-dama", in ji wanda za su riƙe.