Gabatar da wanda za a karrama a walimar shekara: me ake faɗa, me ake bari?

Sakatare: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai za ta yi walimar shekara, an ɗora mini gabatar da wanda za a ba lambar yabo. Lambar tana ɗauke da sunan marigayi shugaban makarantarmu. Wanda ya ci ta ya gyara rijiyar burtsatsen makarantar, ya kuma biya wa wasu yara kuɗin NECO. An ba ni minti 3. Waɗanda suka saba, ta ina ake farawa?

Mai Lasifika: Wa alaikumus salam. Minti 3 bai wuce kalmomi 350 ba idan za ka yi magana a natse, wato shafi ɗaya. Ka kasa shi uku. Rabin minti na farko na lambar ce: shekarar da aka kafa ta, abin da ya sa aka sa mata sunan marigayin, da sharaɗin da kwamiti ke dubawa. Sai minti 2 ga aikin, ragowar kuma ga suna da kiran mutum. Abin da ke ɓata yawancin gabatarwa shi ne dalilin lambar da aikin mai karɓa ba su haɗu ba. In ka ce marigayi ya yi suna wajen hana ɗalibi barin makaranta saboda rashin kuɗi, to kuɗin NECO ne zai zo gaba, rijiyar ta biyo baya. In ba a ƙulla su ba, a teburin baya za a fara raɗa cewa don mai kuɗi ne aka ba shi.

Baban Iliya: Ni a ganina a fara da inda aka haife shi, firamare, sakandare, digirorinsa duka. Girmamawa ke nan. Wanda aka rage masa muƙami ɗaya ba ya mantawa.

Hajiya Ma'aji: Baban Iliya, maganar muƙami gaskiya ce, amma a suna take, ba a tarihi ba. Alhaji, Dakta, sarauta in yana da ita, da lambobin girmamawa na ƙasa irin su MFR ko OON, a tambayi mai su yadda yake son a jera su, a rubuta da manyan baƙaƙe. Tarihin makarantu kuwa a bar shi a takardar shirin taro. Da an fara “an haife shi a shekarar”, cokula ke fara ƙara.

Sakatare, ka nemi adadi daga mutum biyu, shugaban makarantar na yanzu da ma'ajinku. A ce rijiyar ta yi zango biyu a lalace, yara na fita waje ɗiban ruwa lokacin darasi, ya sauya famfon, ya sa tanki. Haka za ka faɗa, ya fi “ya yi ayyuka da ba sa ƙirguwa”. In ɗaya ya ce yara 40, ɗaya ya ce 32, ka bi takardar biyan kuɗi. Malaman makarantar suna zaune a wurin, sun san gaskiyar lamba. Kuma kada ka ambaci sunan yaro ko ɗaya, kada a ce su miƙe a gan su.

Ɗan Autan Aji: Kada ka manta ka gode wa iyayenka da maiɗakinka, kuma ka riƙe lambar da hannu biyu saboda hoto.

Sakatare: Ƙanena, ba ni zan karɓa ba, gabatarwa zan yi.

Malam Na Bayan Masallaci: Akwai abin da ba a taɓo ba. Wasu ba sa son a bayyana sadakarsu, suna gudun riya. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta ce bayyanawa abu ne mai kyau, ɓoyewa kuma ya fi alheri. Saboda haka mako guda kafin taro a karanta masa rubutun, ya cire abin da ba ya so. Ni ban goyi bayan faɗin adadin naira ba sam.

Hajiya Ma'aji: Allah gafarta Malam, in kuɗin ta asusun ƙungiya suka bi, ai dole su fito a rahoton shekara. Ban ga abin ɓoyo ba.

Malam Na Bayan Masallaci: Rahoto daban, lasifika daban, Hajiya.

Mai Lasifika: Wannan ku sasanta. Abin da na sani, suna a ƙarshe ake faɗinsa, ko da kowa ya san shi. Da ka ambace shi tafi zai tashi, in akwai maroƙi ya kama kirari, sauran jawabinka ya bi ruwa. Ka gaya wa mai kiɗa jimlar da zai jira. A zaunar da mai karɓa kusa da dandamali, a tabbatar wanda zai miƙa lambar ya riga ya hau. Ka duba allon lambar tun da rana, don masu zanawa kan mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Kuma a yi karramawar bayan sallar isha, kafin a fara raba abinci.

Baban Iliya: Suna a ƙarshe? Dattijo ana ta “wannan bawan Allah” har minti biyu? A wurinmu ba a yin haka.

Sakatare: Na gode ƙwarai. Gobe zan je wajen shugaban makarantar neman takardar NECO ɗin. Iyalan marigayi fa, su ya kamata su miƙa lambar, ko shugaban ƙungiya?