Ganyen zogale ne ko na bedi?

Wata baiwar Allah ta nuna hoton ganyen wani dashe da ya tsiro a tsakar gidanta, tana neman sunansa. Wasu suka ce bedi ne, amma masu lambu suka ce ta duba bakin ganyen: na bedi dogo ne mai tsini, gefensa kamar haƙoran zarto, na zogale kuwa ƙanana ne masu siffar ƙwai, gefensu sumul. Nata sumul yake, ashe zogale ne.

Kan ban ruwa aka fi daɗewa. Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce ta tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ta dakata. Da rani, ƙaramin dashe na son ruwa bayan kwana 2 ko 3. Zogale ba ya jure kwanciyar ruwa: ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe.