Haɗa waya da tsohuwar rediyon gida

Masu gyaran rediyo da suka tattauna yadda za a sa sautin waya ya fito ta tsohuwar rediyo sun yi ittifaki cewa a fara leƙa bayan rediyon. In akwai ramuka biyu, ja da fari, an rubuta AUX ko LINE IN, igiya mai kan 3.5mm irin na iyafis a gefen da za a soka a waya, da kawunan RCA biyu, ja da fari, a ɗaya gefen ake nema. Ja na dama ne, fari na hagu. Kada a kuskura a soka a PHONO, domin wannan ramin na garmaho ne, yana ƙara ƙarfin sauti sosai, sai a ji amo ya dagule.

Inda aka fi jan magana shi ne adaftar USB-C, wadda ake sokawa a ramin caji in wayar ba ta da ramin iyafis. Kala biyu ce: wata na da DAC a ciki, wanda ke sarrafa sautin, wata kuwa igiya ce zalla. Waya da yawa ba sa aiki da ta biyun, ko ƙis ba za a ji ba, alhali rediyon lafiyarta lau. A sayi mai DAC, a gwada ta da iyafis tun a shago.

Kafin a haɗa, a rage muryar rediyon ƙasa, a kai ta wayar kusan kashi 80 cikin 100, sannan a riƙa ƙarawa daga rediyon. In gunji ya taso lokacin caji, a zare cajar a saurara. Yawanci daga nan yake.