Neman kalmar Hausa: me za mu kira bulokcen?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo kan yadda bulokcen ke ajiye bayanan ciniki, kuma har yanzu ban samu kalmar da mai sauraro zai kama nan take ba. Na rubuta "sarƙar tubala", amma ba ta kwanta mini ba.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Malama, tubali zai karkatar da hankali ga gini, alhali abin kundi ne. A tsarin Bitcoin, wato wani kuɗin intanet, kusan duk minti 10 ana tattara cinikin da aka yi a shafi guda, sai wani lissafi mai suna SHA-256 ya fitar masa da hatimi, wato jerin lambobi da ya dogara da abin da ke cikin shafin, kuma shafi na gaba yana ɗauke da wannan hatimin a cikinsa. A ce shafi na 100 ya nuna an biya 5, wani ya mayar da shi 50. Hatimin shafin zai sauya gaba ɗaya, ya saɓa wa wanda ke rubuce a shafi na 101, don haka duk na'urar da ke riƙe da kwafi za ta ƙi karɓa. Ni "kundin sarƙa" nake so.

Ɗan Kantin Kwari: Ashe littafin bashi ne da ba ya goguwa har abada. Ni an taɓa yage mini shafi a nawa. A kira shi "gagara-gogewa".

Malamin Lissafi: Alhaji, sunan ya yi alkawarin da ya wuce gaskiya. Ana iya sauyawa, tsada ce ke hanawa, domin samun hatimin da za a karɓa sai na'urori sun yi ta gwaji suna cin lantarki. Idan shafuka 6 sun hau kan na 100, mai maguɗi sai ya maimaita aikin kusan awa guda na dukkan na'urorin, kuma ya cim musu alhali ba su tsaya ba. Wanda ya mallaki fiye da rabin ƙarfin zai iya, kamar yadda aka yi wa wani bulokcen mai suna Ethereum Classic a 2020.

Ɗan Tsangaya: To ai silsila ce, kowane shafi yana shaidar wanda ya gabace shi.

Tsohon Edita: Silsila Larabci ce. Har yaushe za mu riƙa gudun aron Turanci muna faɗawa na Larabci, kamar Hausa ba ta da baki?

Ɗan Tsangaya: Baba, hatimi ma Larabci ne, kuma ban ji kun yi ƙorafi ba.

Tsohon Edita: Yaro, wannan ta daɗe da zama 'yar gida. "Kundin sarƙa" kuwa sai a ɗauka littafin maƙera ne. Idan dole ne, a ce "sarƙaƙƙen kundi".

Mai Fassara: Baba, sarƙaƙƙe na iya nufin abu mai rikitarwa, amma lokaci ya ƙure. Zan ambaci bulokcen sau ɗaya, in bi da "sarƙaƙƙen kundi", in kawo misalin shafi na 100.

Malamin Lissafi: Na bi, ko da yake a aji tawa zan ci gaba da faɗa.