Ya zan rubuta wa Alhaji imel kan jinkirin nan?

'Yar Barnawa: Salam jama'a, a taimaka da shawara. Manhajar makarantar nan ta Unguwar Rimi da muka ce za mu saki ranar Litinin ba za ta fita ba. Aiki biyu ne suka maƙale, shiga da OTP, wato lambar sirri da ake turowa ta SMS, da kuma saƙon shaidar biyan kuɗi da ake tura wa iyaye, duka biyun suna jiran kamfanin SMS ya kammala mana rijistar Sender ID, wato sunan makaranta da zai riƙa fitowa a matsayin mai tura saƙon. Kullum sai su ce yana hannun masu netwok. Ya zan rubuta wa Alhaji, wanda ya ba mu aikin, ba tare da ya ga kamar uzuri nake kawowa ba?

Ɗan Kawo: Ki kira shi kawai. Alhaji da karanta imel? 😂

Maman Ilham: Kira daban, takarda daban. Ni na ga ta kaina a kan wannan. Wani kwastoma na kira na yi mai bayani tsaf, ya ce ba komai Allah ya kai mu, da lokacin biyan ragowar kuɗi ya zo sai ya ce shi ba wanda ya gaya mai an ɗaga rana, har yana neman ya zabge wani kaso wai tarar jinkiri, ga shi ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da zan nuna, haka muka yi ta kai da kawo har sai da manya suka sa baki kuma duk da haka ban karɓi kuɗina cif ba. Ki kira shi don girmamawa, kina ajiye waya ki tura imel ɗin.

Injiniya: Ƙanwata, layin farko ya faɗi cewa Litinin ba za ta yiwu ba, kar ki ɓoye shi ƙarƙashin doguwar gaisuwa. Kuma kar ki ɗauki ranar da kamfanin ya yi miki alkawari ki miƙa wa Alhaji a matsayin ranar saki. Ki lissafa daga ranar da abin ya shigo hannunki: kwana nawa za ki yi gwaji a MTN, Airtel, Glo da sauran layuka, sannan Play Store, wanda su Google da kansu suna cewa dubawa na iya kai kwana 7 ko fiye. Kamar haka:

"Ranka ya daɗe, manhajar ba za ta fita ranar Litinin ba. Shiga da lambar sirri da saƙon shaidar biya duk suna jiran rijistar sunan makaranta a wajen kamfanin SMS da muke aiki da shi. Sauran aikin ya kammala, ana iya duba shi yau. Daga ranar da rijistar ta fito muna buƙatar kwana 3 na gwaji, sai duban Play Store. Zan aiko da halin da ake ciki ranar Alhamis, ko an samu ci gaba ko ba a samu ba."

Ɗan Kawo: Ni da ni ne sunan kamfanin zan rubuta ɓaro-ɓaro in saka su a CC, su ji kunya.

Injiniya: Wa ya zaɓo kamfanin? In ita ce, Alhaji ita ya sani. In kuma shi ya kawo su, to a saka su, wataƙila kiransa ya fi nata tasiri.

'Yar Barnawa: Mu muka zaɓa Yaya.

Na Rigasa: To ku canza kamfani mana, ai suna da yawa, yau ɗin nan za ki fara tura saƙo.

Injiniya: Saƙon talla za ta tura yau. Duk layin da ya kunna DND, wato toshe saƙon talla, ta 2442 ba zai samu ba, sai ta hanyar da aka ware wa saƙonni irin na OTP, ita kuma sai da rijista, ka ga an koma bayan layi. Alamarsa ita ce shafin kamfanin ya nuna an tura, wayar uban yaro shiru. Ki ma duba sunan da kuka miƙa, kar ya wuce harafi 11.

Na Rigasa: Af, shi ya sa na shagona rabi ba sa isa ke nan.

Maman Ilham: Ki ba shi zaɓi ma a ƙarshe, ko a jira, ko a saki yanzu iyaye su shiga da imel da faswod, SMS ya biyo baya. Shi ya yanke, a rubuce.

Ɗan Kawo: Iyaye nawa ne ke tuna faswod ɗin imel ɗinsu Hajiya? Mai shagon waya ne ya buɗe musu.

Maman Ilham: Kai dai komai sai ka kushe. Kawo naka mu gani.

Ɗan Kawo: Nawa shi ne wa ke da lambar mai gyaran inbata a wajen Malali? Tun safe ba wuta.

'Yar Barnawa: Na gode ƙwarai. Amma batun zaɓin nan, in ya ce a saki yanzu, aikin shiga da faswod ɗin ba ya cikin yarjejeniya fa. Wa zai biya?

Injiniya: Awa nawa zai ci miki?