Takardar hutun rashin lafiya daga Kano zuwa kamfani a Jidda

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. Na zo hutu Kano, aka yi mini aikin kaba, likita ya ba ni hutun sati huɗu. Kamfaninmu a Jidda sun ce sai da Larabci. Wa zan kai wa?

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara sauƙi. Ka samu malamin Larabci a jami'a, minti goma ya gama.

Hajiya Mai Fassara: Larabcin ba shi ne matsalar ba, hatimi ne. Kafin komai, duba takardar: akwai sunan likita, lambar rajistarsa ta hukumar likitocin Najeriya, wato MDCN, da hatimin asibiti? Sunanka ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi? In asibiti sun rubuta Muhammadu alhali fasfo na ɗauke da Mohammed, su za su gyara. Mu abin da muka gani muke juyawa, har da kuskuren.

Baban Ummi: Suna daidai ne, Hajiya. An rubuta in huta kwana 28.

Hajiya Mai Fassara: To a nan gizo ke saƙa. Cewa aka yi ba za ka iya aiki ba, ba a ce ba za ka iya hawa jirgi ba. Wani ya zo mini da irin wannan, kamfani suka ce me ya hana shi ya dawo ya yi jinyar a can. Ya roƙe ni in ƙara layi ɗaya a fassarar, na ƙi. Ka koma wurin likita ya rubuta ranar aikin, ranar da hutun ya fara da ranar da zai ƙare, da cewa bai yarda ka yi tafiya ba kafin rana kaza. Watan kuma a rubuta shi da haruffa, don 03/04 kowa da yadda yake karanta shi.

Maman Khalifa: Ni da cikina ya wuce sati 28, takardar Turanci kawai na nuna a filin jirgi, ba wanda ya nemi fassara.

Ɗan Fagge: Wannan ai ta kamfanin jirgi ce, Maman Khalifa. Shi albashinsa yake karewa.

Alhaji na Jidda: Ƙanena, kar ka yi wasa da kwanaki. Dokar ƙwadago ta nan ta ba da kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, amma fashin da ya wuce kwana 15 a jere ba hujja zai iya jawo kora. Tura musu hoton takardar yau. Ka kuma duba bizar fita da dawowarka, kafili ya tsawaita ta. Ni da na yi nawa, sai da na bi Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya.

Baban Ummi: Fassara ce farko ko hatimin Abuja?

Hajiya Mai Fassara: Ni na fi son hatimi ya riga, in fassara har da shi.

Alhaji na Jidda: Ni kuwa a nan aka yi mini, a ofishin fassara mai lasisi. Tambayi kamfanin wacce suke karɓa, su amsa maka a rubuce kafin ka kashe kuɗin motar Abuja.